Daga Sydney zuwa New York a agogon Darmanawa: yaushe ne kasuwar foreks ke ci?

Kusan duk matashin da ya fara koyon cinikin foreks a Darmanawa, Gyadi-Gyadi ko Tarauni yana da wani ɗan jadawali a wayarsa, mai launi huɗu da sunayen birane huɗu: Sydney, Tokyo, Landan, New York. Wani a wajen mai koya masa ya samo, wani abokinsa ne ya tura masa. Matsalar ita ce mafi yawan waɗannan jadawalai ba da agogonmu aka rubuta su ba, kuma ko wanda aka juya zuwa agogon Najeriya, na wani yanki ne na shekara kawai. Agogon Kano ba ya motsi, awa ɗaya yake gaban na Greenwich rani da damina. Na Landan da na New York kuwa ana tura su gaba a watan Maris, a dawo da su baya a ƙarshen shekara, kuma ba rana ɗaya ake yi ba. Wanda bai san haka ba zai riƙa zuwa kasuwa a makare ko da wuri har tsawon watanni, yana ɗora laifi a kan dabararsa.

Kafin lissafin awoyi, ya kamata a san cewa wannan kasuwa ba ta da ginin da ake buɗewa a rufe. Bankuna ne da manyan kamfanonin zuba jari suke cinikin kuɗaɗe a tsakaninsu ta na'ura. Idan aka ce Landan ta buɗe, nufi shi ne ma'aikatan bankunan birnin sun zauna a teburansu sun fara ba da farashi. Shi ya sa jadawalai suke saɓa wa juna da awa ɗaya ko rabi, wani ya ce Landan na tashi ƙarfe 4:00, wani ya ce 5:00. Al'ada ce ta aiki, babu dokar da ta yanke. Abin da ba a saɓani a kai shi ne nauyin kowane gari. Binciken da bankin BIS na birnin Basel ya yi a watan Afrilun 2022 ya nuna ana cinikin kimanin dala tiriliyan 7.5 a kowace rana. A lokacin Birtaniya ce ke da kusan kashi 38 cikin ɗari na wannan ciniki, Amurka kashi 19, Singafo 9, Hong Kong 7, Japan kuwa kashi 4 da ɗoriya. Wato birane huɗun da ke jadawali ba tsaran juna ba ne ko kusa. Sydney ta shiga ne domin ita ce ke fara ganin safiya, alhali Singafo da Hong Kong, waɗanda ba a ma rubuta su, kowace ta fi Tokyo ciniki.

Mu bi yini guda a agogon Kano, cikin watannin da Turai da Amurka suka tura agogonsu gaba, wato daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Zan riƙa kiran wannan lokaci damina don sauƙi, ko da yake ya haɗa da bazara. Mako yana farawa ranar Lahadi da ƙarfe 10:00 na dare, daidai da 5:00 na yamma a New York, lokacin da Wellington da Sydney suka wayi garin Litinin. Tokyo tana gabanmu da awa takwas, saboda haka ƙarfe 9:00 na safiyarta shi ne ƙarfe 1:00 na darenmu, kuma tana tashi ƙarfe 10:00 na safe. 'Yan Kantin Kwari masu hulɗa da Guangzhou sun san irin wannan lissafi, domin mai masaƙa yana buɗe ofis ne su suna tsakiyar barci, da tazarar awa bakwai. Frankfurt tana shigowa ƙarfe 7:00 na safe, Landan ƙarfe 8:00, ta tashi 5:00 na yamma. New York tana buɗewa ƙarfe 1:00 na rana, ta rufe 10:00 na dare. Haka ake zagayawa har daren Juma'a ƙarfe 10:00.

Daga farkon Nuwamba zuwa farkon Maris, wato hunturunmu, Landan da New York suna ja da baya da awa ɗaya. Landan ta koma 9:00 na safe zuwa 6:00 na yamma, New York 2:00 na rana zuwa 11:00 na dare, buɗe mako da rufe shi su koma 11:00 na dare. Tokyo ba ta motsi, domin Japan ba ta sauya agogo, kamar mu. Sydney tana sauyawa, amma a juye, saboda tana kudancin duniya: ta tura agogo gaba a Oktoba, ta dawo da shi a Afrilu.

A cikin wannan lissafi akwai wata sa'a da muka yi wadda ban ga ana kula da ita ba. Wata bakwai a shekara agogon Kano da na Landan ɗaya ne, minti da minti. Sauran wata biyar kuma agogonmu ya yi daidai da na Frankfurt da Zurich. Ma'ana, babbar cibiyar cinikin kuɗi ta duniya tana aiki ne da rana tsaka a wajenmu. Ɗan kasuwar da ke Indonesiya sai dare ya yi yake ganin haɗuwar Landan da New York, na Kalifoniya sai ya tashi da asuba. Mu kuwa tsakanin azahar da magariba take same mu. Duk da haka za ka ga yaro ya kwana ido biyu a shago a bakin titin Zariya, fawa-banki a gefe, yana kallon EUR/USD ƙarfe 2:00 na dare, lokacin da masu yuro suke barci, masu dala ma sun tashi daga aiki. An ce masa kasuwar awa ashirin da huɗu ce, sai ya ɗauka duk awoyin ɗaya ne.

Haɗuwa biyu ce ake magana a kai. Ta farko ta Tokyo da Landan ce, gajera, daga 8:00 zuwa 10:00 na safe a damina, daga 9:00 zuwa 10:00 a hunturu. Abin lura a cikinta shi ne farashin da ya kwana yana kai-komo a ɗan ƙaramin fili yakan ɓalle idan Turawa sun shigo. Sau da yawa ɓallewar farko ta ƙarya ce: farashi ya leƙa sama, ya kwashe umarnin da mutane suka ajiye a wurin, ya juyo. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya kuma takan fitar da manyan alƙalumanta ƙarfe 7:00 na safe agogon Landan, tun kafin a buɗe, don haka mai cinikin fam ya san safiyarsa tana farawa da wuri.

Ta biyu ita ce babba. Landan da New York suna aiki tare na awa huɗu, daga 1:00 zuwa 5:00 a damina, daga 2:00 zuwa 6:00 a hunturu. Garuruwan da ke riƙe da fiye da rabin cinikin duniya suna zaune a teburi lokaci guda, kuma a binciken BIS na 2022 dala tana cikin kashi 88 na duk cinikin da ake yi, a ɓangare ɗaya ko ɗayan. Amfanin wannan cunkoso a aljihun ƙaramin ɗan kasuwa abu biyu ne. Ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wadda manhaja ke nunawa da sunan Spread, tana matsewa zuwa mafi ƙanƙantarta. Sannan umarninka ya fi samun cika a farashin da ka nema. Wapa ta ishe mu misali: da rana, 'yan canji sun cika layi, kowa na neman ciniki, tazarar saye da sayarwa ba ta da yawa. Ka je bayan isha ka tarar da mutum biyu, sai yadda suka ce. Amma kada a ruɗe, farashin dala a Wapa ba ya bin wannan jadawali. Naira tana da tata kasuwar a cikin gida, da awoyinta da dokokin Babban Bankin Najeriya.

Cikin waɗannan awoyi huɗu ne kuma manyan labarai suke sauka. Amurka tana fitar da alƙaluman ayyukan yi da na hauhawar farashi ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 na ranarmu a damina, 2:30 a hunturu. Babban Bankin Turai yana sanar da kuɗin ruwa ƙarfe 1:15 a damina, 2:15 a hunturu. Ƙarfe 4:00 na yamma agogon Landan kuma ake yanke farashin da manyan asusun duniya ke lissafi da shi, wanda aka fi sani da WM/Reuters. A mintocin da ke kewaye da shi farashi yakan yi tsalle ba tare da wani labari ba, musamman ranar ƙarshen wata. A damina wannan yana faɗowa ne daidai lokacin da ake tsayuwar la'asar a yawancin masallatan unguwa.

Ranar Juma'a tana buƙatar magana ta musamman. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda kalandar manhaja ke rubutawa Nonfarm Payrolls, yawanci Juma'ar farko ta wata yake fitowa. Ƙarfe 1:30 ko 2:30 na ranar Juma'a, mutumin Darmanawa yana sahu ne, ko yana kan hanyar masallacin Umar bin Khattab da ke Dangi, ko yana dawowa. Umarnin barin ciniki idan an kira sallar Juma'a a bayyane yake cikin Suratul Jumu'a, ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya rage na dabara shi ne kada a bar ciniki a buɗe a tafi. A daƙiƙun farko bayan wannan rahoto farashi yana iya tsallake wurin da ka ajiye Stop Loss, a rufe maka a farashin da ya fi muni. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: a rufe komai kafin a yi alwala. Bayan an sauko akwai sauran awa biyu ko uku na haɗuwar, kuma ƙura ta lafa.

Yanzu ga inda jadawalin waya yake yaudara. Amurka tana tura agogo gaba ranar Lahadi ta biyu a Maris, Birtaniya da Turai sai Lahadin ƙarshe ta Maris. A ƙarshen shekara Birtaniya ce ke fara komawa, Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka ta biyo Lahadin farko ta Nuwamba. Saboda haka akwai mako biyu ko uku a Maris, da mako ɗaya a ƙarshen Oktoba, waɗanda babu jadawalin da ya dace da su cikin biyun. A waɗannan makonni Landan tana kan 9:00 zuwa 6:00, New York kuwa tana kan 1:00 zuwa 10:00, sai haɗuwar ta zama awa biyar.

Watan Maris na 2025 ya nuna abin ƙarara, ga shi kuma ya zo cikin azumi. Ranar Juma'a 7 ga wata rahoton ayyukan yi ya fito ƙarfe 2:30 agogon Kano. Ranar Lahadi 9 ga wata Amurka ta sauya agogo. Ranar Laraba 12 ga wata alƙaluman hauhawar farashi suka fito ƙarfe 1:30. Wanda ya riƙe 2:30 a kansa ya zo ya tarar an gama. Ranar 19 ga wata Babban Bankin Amurka ya sanar da matsayarsa kan kuɗin ruwa ƙarfe 2:00 na rana agogon New York, wato 7:00 na yamma a Kano, mutane suna kan tabarmar buɗa-baki, alhali a watan Janairu irin wannan sanarwa ƙarfe 8:00 na dare ta zo. Duk wannan lokaci Landan ba ta motsa ba sai 30 ga wata. A 2026 ranakun su ne 8 da 29 ga Maris, sai 25 ga Oktoba da 1 ga Nuwamba. Ranaku huɗu ne kacal a shekara, kuma gara a rubuta su a bango da a haddace jadawali.

Akwai agogo na uku da ke ƙara rikita sabon shiga, shi ne na cikin manhajar MetaTrader. Lokacin da ke saman Market Watch da wanda ke ƙasan zanen farashi ba na Kano ba ne, na na'urar dillali ne. Dillalai da yawa suna saita shi ya kasance awa bakwai gaban New York kullum, domin ƙarfe 5:00 na yammacin New York ya zama 00:00 a wajensu. Idan naka haka yake, yana gaban agogonka da awa biyu a damina, da awa ɗaya a hunturu. Ba sai ka tambayi kowa ba: duba lokacin Market Watch ranar da kasuwa ke aiki, ka duba agogon hannunka, ka cire. Amfanin wannan agogo shi ne labaran Amurka ba sa motsi a kansa, rahoton 8:30 kullum 15:30 ne. Illarsa kuwa, mai jiran rufewar kyandir na awa huɗu zai ga wanda ya saba rufewa ƙarfe 2:00 na rana ya koma 3:00 a Nuwamba.

Wancan 00:00 na manhaja shi ne lokacin da ya fi kowane cin ƙananan 'yan kasuwa, kuma a wajenmu yana zuwa ne ƙarfe 10:00 ko 11:00 na dare, daidai lokacin da aka tashi daga hira aka ɗauki waya. New York ta rufe littafinta, Landan ta daɗe da barci, Tokyo saura awa biyu ko uku. Bankuna suna juya ciniki zuwa sabuwar rana, wasu suna janye farashinsu na 'yan mintoci. A nan ne ake cire ko a ƙara kuɗin kwana da ake kira Swap, wanda akan ninka sau uku daren Laraba saboda kwanakin ƙarshen mako. Da yawa daga cikin 'yan uwa Musulmi suna buɗe asusun da babu Swap don guje wa riba, kuma hukuncin cinikin gaba ɗayansa malamai sun yi magana a kai, a wajensu ake nema. Sai dai asusun da babu Swap ba ya kare ka daga buɗewar rata.

Ga yadda abin yake faruwa, da alƙaluman misali. Mutum yana da dala 200 a asusu. Ƙarfe 4:00 na yamma a watan Yuli ya sayar da EUR/USD a 1.0850, da girman 0.10, inda kowane fif ɗaya dala ɗaya ne. Ya ajiye Stop Loss a 1.0862, fif goma sha biyu sama. Ƙarfe 10:00 saura kaɗan zane yana nuna 1.0856, ya ga akwai sauran fif shida, ya kwanta. Abin da bai sani ba shi ne zanen MetaTrader farashin Bid yake nunawa, wanda ake sayarwa a kansa, alhali wanda ya sayar sai ya saya zai fita, kuma saye a farashin Ask ake yi. Da rana rata fif ɗaya ce, Ask yana 1.0857. Da 10:00 ta buga rata ta buɗe zuwa fif takwas na ɗan lokaci, Ask ya zama 1.0864. An taɓa Stop Loss, an rufe shi a 1.0864, ya yi asarar dala 14, kashi bakwai cikin ɗari na asusunsa. Da safe ya duba zane, babu kyandir ko ɗaya da ya kai 1.0862. Sai ya rantse dillali ne ya cuce shi.

Akwai dillalan banza, babu musu. Amma kafin a yi rantsuwa a duba abu biyu. Na farko lokacin da aka rufe cinikin a tarihin asusu: idan ya faɗo tsakanin 23:55 da wajen 01:00 na agogon manhaja, to alama ta nuna rata ce. Na biyu a kunna layin Ask a saitin zane, a MetaTrader 4 sunansa Show Ask line, a zauna dare ɗaya a kalli yadda layukan biyu suke rabuwa idan lokacin ya yi. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake barin matsattsen Stop Loss ya kwana ba. Ko dai ya rufe kafin 10:00, ko ya rage girman cinikin ya ba shi fili. Ratar kuma ta fi buɗewa a kuɗaɗen da ba a cika cinikinsu ba, irin su GBP/NZD, fiye da EUR/USD.

Wani lokaci abin yana wuce fif takwas nesa ba kusa ba. Daren wayewar 7 ga Oktoba 2016, 'yan mintoci bayan ƙarfe 12:00 na dare agogon Kano, fam ɗin Ingila ya rikito daga wajen dala 1.26 zuwa ƙasa da 1.20 cikin mintoci kaɗan, sannan ya farfaɗo da mafi yawan abin da ya rasa. Rahoton da BIS ya fitar a Janairun 2017 ya lissafa lokacin da abin ya faru, wato ƙarancin masu ciniki a wannan awa, cikin abubuwan da suka tsananta shi. Ranar 2 ga Janairun 2019, wajen 11:30 na dare a nan, dala ta faɗi daga wajen yen 109 zuwa ƙasa da 105 cikin ƙanƙanin lokaci, jim kaɗan bayan kamfanin Apple ya yi gargaɗin raguwar cinikinsa. Japan tana hutun sabuwar shekara a lokacin, babu wanda zai tare. Wannan ya nuna jadawali ba ya sanin ranar hutu. Idan Tokyo na hutu, ko Landan na hutun banki ranar Litinin, ko Amurka na bikin 4 ga Yuli, launin yana nan a waya amma teburan babu kowa.

Shin babu mai dalilin kwana a kasuwa ke nan? Akwai. Mai cinikin yen ko dalar Ostireliya, labaransa da dare suke fitowa a wajenmu, kuma ƙarfe 1:55 na dare ake yanke farashin Tokyo na kullum. Ma'aikacin da ke bakin aiki da rana, a asibitin Malam Aminu Kano ko a shago a Farm Centre, shi ma yana iya cewa dare kaɗai gare shi. Ina fahimtarsa, amma ya san abin da ya zaɓa: bayan Landan ta tashi ciniki yana raguwa awa bayan awa, in ban da daren da Babban Bankin Amurka zai yi magana.

Kada kuma a ɗauka awoyin cunkoso suna ba da kariya ko riba. Ranar 15 ga Janairun 2015, ƙarfe 10:30 na safe agogon Kano, Landan na tsakiyar aiki, Babban Bankin Suwizalan ya janye ƙa'idar da ya kafa ta hana yuro sauka ƙasa da faran 1.20. Farashi ya ɓace na mintoci, Stop Loss bai yi wa mutane da yawa amfani ba, dillalin Alpari na Birtaniya ya durƙushe washegari. Hukumar ESMA mai kula da kasuwannin Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan 'yan kasuwa a irin wannan ciniki asara suke yi, kuma waɗannan mutane ne da ke zaune a tsakiyar awoyin Landan. Sanin lokaci yana rage maka kuɗin rata da faɗawa tarkon dare, amma ba ya gaya maka inda farashi zai nufa.

Saura tazarar ƙarshen mako. Daga 10:00 ko 11:00 na daren Juma'a zuwa irin wannan lokaci na daren Lahadi, awa arba'in da takwas, manhaja a tsaye take amma duniya ba ta tsaya ba. Ana zaɓe, ana yaƙi, shugabanni suna magana. Idan aka buɗe daren Lahadi, farashi yana iya farawa nesa da inda ya tsaya, kuma Stop Loss da ke tsakanin farashin biyu za a cika shi ne a sabon farashin. Buɗewar kuma tana zuwa ne a wancan lokaci mai faɗin rata, Wellington da Sydney kaɗai ke farke. Mai dala 200 da ya bar 0.10 ya kwana biyu, tazarar fif hamsin za ta ɗauke masa dala 50, kwata ɗin asusunsa, kafin ya taɓa waya.